Rabon takardun gwaji yadda babu ɗalibin da zai karɓi tasa: 24 ko 44?

"Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Agege, nan Legas. Bayan gwaji nakan tattara takardun yara, in cakuɗa, in raba musu su duba wa juna. Kusan kullum sai an sami mai ɗaga hannu ya ce, 'Malam, tawa aka ba ni.' Na gwada ƙirga hanyoyin raba takardu biyar ga yara biyar ba tare da kowa ya sami tasa ba, na sami 24. Abokin aikina ya ce 44 ne. Wa ke da gaskiya? Kuma tunda ajina yara 40 ne, ba ya kamata abin ya yi wuyar faruwa ba?"

Malam, abokin aikinka ne ke da gaskiya, 44 ne. Amma 24 ɗinka ba daga sama ta faɗo ba: wani yanki ne na cikin 44 ɗin, kuma za mu ga wane yanki ne. Batun yara 40 kuwa, yawan aji ba ya rage komai. Ko biyar ne, ko arba'in, ko dubu, in ka cakuɗa takardu ka raba a makance, kusan sau 63 cikin 100 sai wani ya karɓi tasa. Don haka hannun da kake gani ana ɗagawa ba laifin cakuɗawarka ba ne.

Matsalar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe, Pierre Rémond de Montmort, ya kawo ta a 1708 yana nazarin wasan karta, ya warware ta a 1713, kuma Nicolaus Bernoulli ya warware ta a daidai wannan lokacin. In za ka neme ta a waya, kalmar da za ka rubuta ita ce `derangement`. A nan zan kira irin wannan rabon "rabon saɓani", adadinsa ga yara n kuma `D(n)`.

Inda 24 ta fito

Na tabbata lissafin da ka yi shi ne 4 × 3 × 2 × 1: yaro na farko yana da zaɓi huɗu tunda an hana shi tasa, na biyu uku, haka har ƙarshe. Matsalar tana mataki na biyu. Mu sa wa yaran suna: Audu, Binta, Garba, Hajara da Sani. Idan Audu ya ɗauki takardar Garba, saura huɗu a kan tebur, ta Binta na ciki, don haka zaɓinta uku ne, kamar yadda ka ce. Amma idan ta Binta ya ɗauka, takardu huɗun da suka rage babu tata a ciki, duk huɗun halal ne gare ta. Ke nan yawan zaɓin Binta ya dogara da abin da Audu ya ɗauka. Ninka lambobi a jere yana aiki ne kawai idan yawan zaɓi a kowane mataki bai damu da abin da aka zaɓa a baya ba, kuma a nan ya damu.

Kafin a je ga wata ƙa'ida, yana da kyau a ƙirga ƙananan da hannu. Yaro ɗaya ba shi da wata hanya, dole tasa zai karɓa, `D(1) = 0`. Yara biyu hanya ɗaya ce, su yi musaya, `D(2) = 1`. Yara uku hanya biyu ce: takardu su zagaya ta dama, ko su zagaya ta hagu. Ga yara huɗu, a jera su Audu, Binta, Garba, Hajara, a rubuta harafin farko na sunan mai takardar da kowa ya karɓa:

```
BAHG  BGHA  BHAG
GAHB  GHAB  GHBA
HABG  HGAB  HGBA
```

Tara ke nan. Da hanyarka an bi, 3 × 2 × 1 = 6 za a samu. Dubi ukun da suka ɓace maka: BAHG, GHAB da HGBA. A kowannensu yaran sun rabu biyu-biyu suna musaya, kamar Audu da Binta su canza, Garba da Hajara su canza. Sauran shidan su ne waɗanda takardu suka yi zagaye guda ɗaya da ya ratsa kowa. Haka abin yake ga biyar: akwai rabo 24 masu zagaye guda, akwai kuma 20 da yara biyu ke musaya sauran ukun su zagaya tsakaninsu. Ashirin ɗin ta fito ne daga hanyoyi 10 na zaɓen biyun da za su yi musaya, sau hanyoyi 2 na zagayen ukun. 24 da 20, ga 44.

Ƙa'idar tsani

Jera dukkan rabo da hannu ba ya wuce huɗu ko biyar kafin mutum ya rikice. Abin da ake so shi ne hanyar samun kowane mataki daga matakan da ke ƙasa da shi, kamar hawan tsani.

A koma kan yara biyar. Audu zai karɓi takardar wani daga cikin huɗu, kuma babu bambanci tsakanin huɗun ta fuskar ƙirga, don haka a ƙirga guda, a ninka sau huɗu. A ce ta Binta ya karɓa. Yanzu tambaya ɗaya ce: ina takardar Audu ta tafi?

Idan wajen Binta ta tafi, su biyun sun sallami juna. Saura Garba, Hajara da Sani da takardunsu uku, kowa an hana shi tasa. Wannan ita ce matsalar farko amma da yara uku, hanya 2.

Idan ba wajen Binta ta tafi ba, nan ne ɗalibai suka fi tsayawa, kuma nan ne ya cancanci a ɓata lokaci. Waɗanda ba su karɓa ba su huɗu ne: Binta, Garba, Hajara, Sani. Takardun da ke kan tebur su ma huɗu ne: ta Audu, ta Garba, ta Hajara, ta Sani. Garba an hana shi ta Garba, Hajara an hana ta ta Hajara, Sani an hana shi ta Sani. Binta fa? Tata ba ta nan, tana hannun Audu. Amma a wannan reshen mu da kanmu muka ce ba za ta karɓi ta Audu ba, domin mun riga mun ƙirga wancan a reshen farko. Ke nan kowane ɗaya cikin huɗun yana da takarda guda tak da aka hana shi, kuma ba wanda haninsa ya zo ɗaya da na wani. Lissafi bai damu da sunan da ke rubuce a saman takarda ba, ya damu ne da wa aka hana me. A ɗauka an goge sunan Audu an rubuta na Binta, sai matsalar ta koma ta yara huɗu sak, hanya 9.

Rassan biyu ba sa haɗuwa, kuma babu na uku. Saboda haka 4 × (2 + 9) = 44. Babu abin da ya keɓanci biyar a cikin wannan hujja, don haka ga kowane n daga biyu zuwa sama:

```
D(n) = (n - 1) × (D(n-1) + D(n-2))
D(0) = 1,  D(1) = 0
```

Wannan `D(0) = 1` yana ba mutane mamaki. Idan babu yaro babu takarda, hanya ɗaya ce, a zauna ba a raba komai ba, kuma babu wanda ya sami tasa. Wanda bai gamsu ba ya gwada sa sifili: zai sami `D(2) = 0`, alhali kowa ya san yara biyu za su iya musaya.

Daga nan sai hawa. Shida: 5 × (44 + 9) = 265. Bakwai: 6 × (265 + 44) = 1,854. Takwas: 7 × (1,854 + 265) = 14,833. Tara 133,496, goma 1,334,961.

Akwai tsani na biyu mai dogara da mataki ɗaya kawai: `D(n) = n × D(n-1) + (-1)^n`. Wato a ninka na baya da n, a ƙara ɗaya idan n tana rabuwa biyu daidai, a cire ɗaya idan ba ta rabuwa. 5 × 9 − 1 = 44, 6 × 44 + 1 = 265, 7 × 265 − 1 = 1,854. A allo na fi son a fara da tsanin farko, domin shi ne ake ganin dalilinsa da ido. Na biyun amfaninsa duba aiki: idan amsoshin biyu suka saɓa, an yi kuskuren ninkawa a wani wuri.

Ƙa'idar kai-tsaye

Tsani yana da aibi guda: ba a kai mataki na arba'in sai an taka talatin da tara na ƙasa. Hanya ta biyu tana farawa daga ɗaya ɓangaren. A ƙirga dukkan rabo, mai kyau da marar kyau, sannan a cire marasa kyau.

Dukkan hanyoyin raba takardu biyar ga yara biyar 5 × 4 × 3 × 2 × 1 ne, 120, abin da ake rubutawa `5!` ana kiransa faktoriyal. Rabon da Audu ya sami tasa guda 24 ne, tunda sauran huɗun za su iya zama yadda suka ga dama. Haka Binta, haka kowa. Biyar sau 24, 120. A cire daga 120, saura sifili. Wanda ya tsaya a nan zai ce babu rabon saɓani ko ɗaya, alhali mun san akwai. Wannan sifilin shi ne alamar an yi cirewa fiye da kima: rabon da Audu da Binta duka suka sami nasu an cire shi sau biyu, sau ɗaya a lissafin Audu, sau ɗaya a na Binta.

Sai a mayar. Akwai hanyoyi 10 na zaɓen yara biyu, kuma idan biyun sun riƙe nasu, sauran ukun suna da hanya 6. A mayar da 60. Amma yanzu an yi mayarwa fiye da kima ga rabon da yara uku suka sami nasu: an ƙirga shi sau ɗaya tun farko, an cire sau uku, an mayar sau uku, ga shi yana nan daram. Sai a cire: hanyoyi 10 na zaɓen uku, sau 2, 20. Haka za a ci gaba, a mayar da 5 na huɗu-huɗu, a cire 1 na duka biyar:

```
120 - 120 + 60 - 20 + 5 - 1 = 44
```

Dubi lambobin da kyau. 60 shi ne 120 a raba da 2, 20 shi ne 120 a raba da 6, 5 shi ne 120 a raba da 24, 1 kuma 120 a raba da 120. Masu rabawar su ne 2!, 3!, 4!, 5!. Ba dace ba ne: hanyoyin zaɓen yara k daga n, sau `(n-k)!`, kullum yana ba da `n!/k!`. Ƙa'idar ke nan:

```
D(n) = n! × (1 - 1/1! + 1/2! - 1/3! + ... + (-1)^n / n!)
```

Amsar tambayarka ta biyu tana cikin bakan nan. Abin da ke ciki shi ne `D(n)/n!`, wato yiwuwar rabon makance ya fito babu mai tasa. Ga yara uku 2 cikin 6 ne, 0.3333. Huɗu, 9 cikin 24, 0.375. Biyar, 44 cikin 120, 0.3667. Shida 0.3681, bakwai 0.3679. Yana hawa yana sauka, amma tazarar tana ƙanƙancewa da sauri, domin kowane sabon yaro abin da yake ƙarawa ko ragewa `1/n!` ne kawai. Yaro na goma yana motsa amsar da ɗaya cikin 3,628,800. Inda ake dosa shi ne `1/e`, kusan 0.3679, inda `e` ita ce lambar nan 2.71828 da ke kan kalkuleta.

Tunaninka na cewa babban aji zai sauƙaƙa abin yana da rabin gaskiya. A ajin 40, damar Audu ya sami tasa ɗaya ce cikin arba'in, ƙarama ƙwarai. Amma masu irin wannan damar su arba'in ne. Arba'in sau ɗaya-cikin-arba'in ɗaya ne, kamar yadda biyar sau ɗaya-cikin-biyar ɗaya ne. A tsakaice, yaro guda ke samun tasa a kowane rabo, komai girman aji. In ka yi rabo ɗari a ajinka, ka sa ran kusan 37 su fito tsaf, kusan 37 a sami yaro ɗaya, kusan 18 a sami biyu, kusan 6 a sami uku, fiye da haka kuwa jefi-jefi.

Daga nan ne gajeriyar hanya ta fito: `D(n)` ita ce cikakkiyar lambar da ta fi kusa da `n!/e`, ga kowane n daga ɗaya zuwa sama. Dalili shi ne ragowar jerin da aka yanke, bayan an ninka da `n!`, bai kai `1/(n+1)` ba, wato bai kai rabi ba. 120 a raba da e 44.15 ne, sai 44. 720 a raba da e 264.87 ne, sai 265. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne yanke abin da ke bayan ɗigo a rubuta 264. Mafi kusa ake nema, kuma ga n mai rabuwa biyu kullum sama ake hawa.

Kada a yarda da kalkuleta a kan manyan lambobi. 40! yana da lambobi 48 a jere, kalkuletar ɗalibi kuwa kamar goma take nunawa. `D(40)` kusan 3 ne da sifili 47 a bayansa, amma ainihin jerin ba zai fito ta rabawa da e ba. Ko Excel lambobi 15 yake riƙewa, kuma `D(18)` ya riga ya kai 16. Mai son cikakkiyar amsa ya hau tsani da Python, wanda ba ya yanke cikakkun lambobi:

```python
def d(n):
    a, b = 1, 0
    for k in range(2, n + 1):
        a, b = b, (k - 1) * (a + b)
    return b if n > 0 else a
```

Tambayar da takan biyo baya a jarrabawa ita ce: hanya nawa ce yara biyu daidai su sami nasu? A zaɓi biyun, hanya 10, sauran ukun kuma dole su zama rabon saɓani, hanya 2, jimla 20. Mai ninkawa da 6 maimakon 2 ya bar ƙofa wani cikin ukun ma ya sami tasa. Ga yara biyar jerin shi ne: babu kowa 44, ɗaya 45, biyu 20, uku 10, huɗu 0, biyar 1. Huɗu sifili ne domin in huɗu suka sami nasu, takardar da ta rage ta na biyar ce. A tara su a ga ko sun cika 120. In ba su cika ba, akwai kuskure.

Inda ƙa'idar ta tsaya

Duk abin da ke sama yana bisa sharuɗɗa uku: yawan yara daidai da yawan takardu, kowace takarda ta bambanta da 'yar'uwarta, kuma kowane yaro takarda guda tak aka hana shi. Aji na gaske yakan karya ɗaya daga ciki. A ce Audu ya rubuta gwaji amma yau cunkoson hanya ya hana shi zuwa, Musa kuma bai rubuta ba amma yana nan zai duba. Masu dubawa biyar ne, takardu biyar, amma Musa ba abin da aka hana shi. Idan ya ɗauki ta Audu, sauran huɗun hanya 9. Idan bai ɗauke ta ba, ta zama tamkar tasa, hanya 44. Jimla 53. Idan kuma ka ƙara sharaɗi, kamar kada wa ya duba ta ƙaninsa, ko kada maƙwabtan benci su duba na juna, `D(n)` ba ta ƙirga wannan. Sai a koma hanyar cirewa da mayarwa a sake gina ta da sabbin hane-hanen, kuma yawanci ba ta ƙarewa da gajeriyar ƙa'ida irin wannan.

Akwai kuma abin da ƙa'idar ta halatta wanda kai a matsayinka na malami ba za ka so ba, wato musaya. Idan Garba na riƙe da ta Sani, Sani na riƙe da ta Garba, kallo ɗaya ya ishe su su daidaita. A yara biyar, 20 cikin 44 suna ɗauke da musaya. A babban aji, kusan 39 cikin 100 na rabon saɓani suna da aƙalla guda. Kuma gyaran da aka saba yi, a ce wa mai tasa ya canza da na kusa da shi, ba ya haifar da musayar kai-tsaye sai in su biyun duka nasu suke riƙe da su, amma yana sa takardarsa ta faɗa hannun abokin zamansa kullum.

Idan burinka kowane ɗaya daga cikin rabon saɓani ya sami dama daidai da sauran, sai ka tattara duka ka sake cakuɗawa duk lokacin da wani ya sami tasa. A tsakaice zai ɗauke ka rabo kusan uku, 2.7, kafin a dace. A aji wannan ɓata lokaci ne. Shawarata ka yi amfani da 24 ɗinka, wato zagaye guda. Ka cakuɗa takardun sosai ka tara su. Mai takarda ta farko shi zai duba ta biyu, mai ta biyu ya duba ta uku, haka har mai ta ƙarshe ya duba ta farko. Babu mai samun tasa, babu musaya muddin yaran sun kai uku, kuma kowane yaro damarsa ta samun takardar kowane abokinsa daidai take, ɗaya cikin 39 a ajinka. Abu guda za ka kiyaye: in ka riƙa kiran sunaye a jere, kowa zai gane cewa wanda aka kira kafin shi ne ke riƙe da tasa. Don haka tun a ofis ka rubuta sunan mai dubawa da fensir a bayan kowace takarda, ka sake cakuɗa su, sannan ka shiga aji ka raba.